Ɗora Windows 11 ba tare da intanet ba: asusun cikin kwamfuta ko na Microsoft?

Duk wanda ya yi wa kwamfuta fomatin ya ɗora Windows 11 ya san inda aikin ke tsayawa. An gama kwafe fayiloli, kwamfutar ta sake tashi, an zaɓi ƙasa da tsarin kibod, sai allon "Let's connect you to a network" ya fito, maballin "Next" kuma ya dushe, ba ya dannuwa sai an haɗa intanet. Idan aka haɗa, allo na gaba zai nemi imel ɗin asusun Microsoft. Tun fitowar Windows 11 a Oktoban 2021 haka nau'in Home yake, daga sigar 22H2 ta shekarar 2022 kuma aka haɗa har da Pro ga mai amfanin kansa.

Shawara biyu ce a nan, amma yawancin mutane suna cuɗa su wuri guda. Ta farko, za a gama ɗorawar da intanet ko babu. Ta biyu, da wane irin asusu za a riƙa shiga kwamfutar: na Microsoft, wanda ke ɗaure da imel kuma yake zaune a wajen kamfanin, ko kuwa asusun gida, wato suna da kalmar sirri da ba su san ko'ina ba sai cikin wannan kwamfutar. Abin da ya ɗaure su tare shi ne yadda Microsoft ta tsara allon: idan akwai intanet za ta tura ka ga asusunta, idan ka tsallake intanet dole ta bar ka ka buɗe na gida. Bayan an gama ɗorawa kowace shawara tana tafiya da ƙafarta. Kwamfutar da ke da asusun gida tana hawa intanet tana karɓar sabuntawa kamar kowace, wadda ke da asusun Microsoft kuma tana buɗewa da PIN ko da an yi makonni babu data.

Abin da ya fi raba su: makullin diski

Ana yawan fara wannan muhawara da batun leƙen asiri da tattara bayanai. Batun na nan, amma asusun gida ba ya rufe bakin Windows gaba ɗaya, domin da zarar ta ga intanet tana aika bayanan da ta saba aikawa kan lafiyar na'urar. Abin da ya fi cancantar a daɗe a kansa shi ne kulle diski, saboda a nan ake yin asarar da ba ta gyaruwa.

Daga sigar 24H2, idan an ɗora Windows sabuwa a kwamfutar da ta cika sharuɗɗa, tana fara kulle diskin da kanta da fasahar BitLocker, ko Home ce ko Pro. A Settings sunan abin "Device encryption". Idan da asusun Microsoft aka shiga, kullewar tana kammala, sannan a aika makullin ceto mai lambobi 48 zuwa cikin wannan asusun. Mai kwamfutar ba zai ga komai ba, aiki zai ci gaba yadda ya saba. Sai ranar da aka sauya bod, ko aka taɓa saitin BIOS, ko aka zare diskin don a kwaso fayiloli a wata kwamfutar: allo shuɗi zai fito yana neman lambobin nan 48. Wanda ke iya shiga asusun zai buɗe `aka.ms/myrecoverykey` a wayarsa ya karanto su, minti biyu an wuce wurin. Wanda ba ya iya shiga kuwa, fayilolinsa sun tafi, kuma babu mai gyaran da zai dawo da su komai gwanintarsa. An gina abin ne dama don kada ya ɓallu.

To, waye ke riƙe da asusun? Tambayar ke nan da ta fi damun irin yadda muke ɗora Windows a nan. Sau da yawa ba mai kwamfutar ne ke zaune gaban allon ba, mai gyara ne a shago, ko ƙanen da aka ce ya iya kwamfuta. Allo ya nemi imel, mai kayan ba ya nan, sai a ƙirƙiri wani sabo nan take, a sa lambar wayar mai ɗorawa, a saita PIN mai lamba huɗu a miƙa kaya. Mai shi ya tafi da PIN, bai ma san akwai imel ba. Kamar mutum ne ya sayi gida, makullin ajiya yana aljihun magini, maginin kuma ya bar gari. Ko da kai ka buɗe asusun da hannunka, idan layin da ka sa ya ɓace ko ya daɗe babu amfani har kamfanin waya ya ba wani, lambar tabbatarwa ba za ta iso ka ba. Microsoft ma tana iya rufe asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba.

Asusun gida yana kauce wa wannan ramin, amma yana da nasa. A nan kullewar ba ta kammala: sau da yawa Windows tana shirya diskin ta bar makullin a fili, tana jiran ranar da za a shiga da asusun Microsoft. Ma'ana diskin ba shi da kariya. Kalmar sirrin asusun gida tana hana yaro buɗe kwamfutar, amma ɓarawon da ya tashe ta da filashi zai karanta duk abin da ke ciki ba tare da ya nemi kalmar ba. Ana gane halin da diski yake ciki ta hanyar buɗe Command Prompt a matsayin "Run as administrator" a rubuta:

```
manage-bde -status
```

Layin "Protection Status" ne abin dubawa. Idan ya ce "Protection On", diskin a kulle yake, kuma ya kamata yau ɗin nan ka san inda makullin ceto yake. Idan ya ce "Protection Off", a buɗe yake, ko da layin sama ya nuna an kai kashi ɗari.

A nan nau'in Windows yake da tasiri. Mai Pro yana iya cin riba biyu: ya zauna da asusun gida, ya shiga "Manage BitLocker" ya kunna kullewar da kansa, ya ajiye makullin a filashi ko ya buga shi a takarda ya adana. Mai Home ba shi da wannan allon, hanyar da aka tanadar masa ta kammala kullewa ita ce asusun Microsoft. Saboda haka likita ko lauya ko ma'aikacin da ke yawo da laftof mai Home cike da bayanan mutane, a ganina gara ya rungumi asusun Microsoft nasa na kansa da ya bar diski a buɗe.

Sauran bambance-bambancen ba su kai wannan nauyi ba. Idan aka manta kalmar sirri, mai asusun Microsoft yana sauya ta a waya, mai asusun gida kuma yana dogara da tambayoyi uku da ya amsa ranar buɗe asusun. "Find my device" ba ya aiki sai da asusun Microsoft. Lasisin Windows da aka haɗa da asusu ya fi sauƙin dawowa bayan sauya bod. Sai OneDrive, wanda ga wasu alheri ne ga wasu kuma jidali: yana iya kwashe foldojin Desktop da Documents da Pictures zuwa intanet, kyautar giga 5 ce kawai, kuma ga mai hawa da hosfot ɗin waya, kowane bidiyo da aka jefa a Desktop data ce ke zuba.

Hanyoyin tsallakewa, da wadda za a dogara da ita

Hanyar da aka fi sani ita ce ta allon neman intanet. A zare wayar intanet idan akwai, kada a haɗa Wi-Fi, a danna Shift da F10 tare. A wasu laftof sai an haɗa da Fn. Baƙin akwati zai buɗe, a danna cikinsa tukuna don rubutu ya shiga, sannan a rubuta:

```
oobe\bypassnro
```

Kwamfutar za ta sake tashi, ta maimaita tambayar ƙasa da kibod, amma wannan karon a ƙarƙashin allon intanet za a ga "I don't have internet". Daga nan sai suna, kalmar sirri, da tambayoyin nan uku. Wani ƙaramin abu da ke ɓata wa mutane lokaci: idan tsarin kibod ɗin da aka zaɓa bai yi daidai da na jikin laftof ɗin ba, maballin da aka zana wa alamar `\` ba lallai ne ya fitar da ita ba. Ba sai an yi ta lalube ba. A rubuta `cd oobe` a danna Enter, sannan `bypassnro`.

Matsalar wannan hanya ita ce Microsoft tana toshe ta. A Maris ɗin 2025 ta sanar da cire fayil ɗin umarnin daga sigogin gwaji. Fayil ɗin dama ba komai yake yi ba illa rubuta layi ɗaya a rajistar Windows ya sake tayar da kwamfuta, don haka a sigogin da aka cire shi kaɗai ana iya yin aikinsa da hannu:

```
reg add HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\OOBE /v BypassNRO /t REG_DWORD /d 1 /f
shutdown /r /t 0
```

Akwai kuma `start ms-cxh:localonly`, wanda ke buɗe allon ƙirƙirar asusun gida kai tsaye ba tare da sake tashi ba. Shi ma a Oktoban 2025 kamfanin ya ce yana cire irin waɗannan hanyoyin daga sigogin gwaji, da hujjar cewa suna tsallake allunan saiti masu muhimmanci. Abin da wannan ke nufi a aikace: umarnin da ya yi aiki da filashin bara zai iya ƙin yi da wanda aka sauke yau. Alamar ita ce akwatin ya ce bai gane umarnin ba, ko kwamfutar ta sake tashi amma zaɓin bai bayyana ba. Sabuwar kwamfutar da ta zo a "S mode" kuwa, wato yanayin da ba a ɗora manhaja sai daga Microsoft Store, baƙin akwatin ma ba ya buɗewa. Tsohuwar dabarar nan ta rubuta imel na bogi don a kore ka zuwa asusun gida, tuni ta daina aiki.

Mai Pro yana da ƙofa da kamfanin ya bari da kansa saboda ofisoshi. A allon da ke tambayar yadda za a yi amfani da kwamfutar, a zaɓi "Set up for work or school", sannan "Sign-in options", sannan "Domain join instead". Duk da sunan, babu inda za a haɗa ka, asusun gida kawai za a buɗe maka. Sai dai wannan allon yana bayan na intanet, don haka ƙofar tana raba ka da asusun Microsoft ne, ba ta raba ka da buƙatar intanet da sabuntawar da za a sauke a hanya ba.

Hanyar da na fi amincewa da ita tana farawa tun kafin a taɓa kwamfutar, wato wajen haɗa filashin. Manhajar Rufus kyauta ce. Idan aka ba ta fayil ɗin ISO na Windows 11, wato fayil ɗin da ke ɗauke da kayan ɗorawar duka, aka danna "START", tana fito da akwatin zaɓuɓɓuka, ciki har da "Remove requirement for an online Microsoft account", da "Create a local account with username", da na hana BitLocker kunna kanta. Tana rubuta waɗannan amsoshin ne a fayil ɗin da Windows ke karantawa lokacin ɗorawa, tsarin da kamfanoni masu ɗora wa kwamfutoci ɗari-ɗari suka dogara da shi, shi ya sa ya fi wahalar toshewa. Abu biyu za a kiyaye. Zaɓin farko yana so a bar kwamfutar babu intanet har a gama. Asusun da Rufus ke buɗewa kuma babu kalmar sirri yake zuwa, sai ka sa masa da kanka.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki HP EliteBook 840 G6, irin wadda ake yawan gani a kasuwar tokumbo. Tana da Intel na ƙarni na takwas da TPM 2.0, don haka ta cika sharuɗɗan Windows 11. A ce za a ɗora wa wata malamar makaranta ne, kuma ba ta wurin.

Aikin da ba ya buƙatar intanet a ranar ɗorawa, an biya kuɗinsa da intanet tun jiya. Fayil ɗin ISO ya haura giga 5, ana sauke shi daga shafin Microsoft sau ɗaya a yi ta amfani da shi. Filashi kada ya gaza giga 8, kuma Rufus zai share duk abin da ke kansa. Abu na biyu, wanda shi ne ke bambanta mai shiri da mai ganganci, direbobi ne, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane sassan kwamfutar. Idan tsohuwar Windows tana tashi, kafin a share ta a kwashe nata zuwa wani filashi na daban. A ce harafinsa E, an kuma buɗe folda mai suna `direbobi` a ciki:

```
pnputil /export-driver * E:\direbobi
```

Idan ba ta tashi, a sauko da direban Wi-Fi na wannan samfurin daga shafin HP a wata na'urar. Wannan ɗaya shi ne dole, domin da shi ake jawo sauran.

A HP, F9 ne ke fito da jerin abin da za a tashi da shi. A zaɓi filashin, a share tsofaffin ɓangarorin diskin bayan an tabbatar an kwashe fayilolin mai kaya, a bar Windows ta kwafe. Sau da yawa ba za ta tambayi lambar lasisi ko nau'i ba, saboda irin waɗannan kwamfutocin ofis suna zuwa da lambarsu a cikin bod, yawanci ta Pro, ita kuma tana karantawa da kanta. Idan ta tambaya, "I don't have a product key" ya wadatar, amma a zaɓi nau'in da kwamfutar ke da shi a da. Wanda ya ɗora Pro a kan na'urar da lasisinta na Home ne zai zauna da rubutun "Activate Windows" a kusurwar allo.

A laftof ɗin da suka fi wannan sabunta, daga Intel na ƙarni na 11, akan isa allon zaɓen diski a tarar babu komai a jerin. Diskin bai mutu ba, direban Intel RST ne babu. Ana sa shi a filashi a nuna wa Windows ta "Load driver". Babu intanet ɗin da zai cece ka a wannan matakin, don haka wannan shirin ya hau kan kowa, har mai niyyar shiga da asusun Microsoft.

An iso Desktop da asusun gida. Yanzu a danna dama a kan Start a buɗe Device Manager. Duk abin da ke da alamar rawaya, ko aka rubuta "Unknown device", direbansa bai hau ba. Rubutu ya yi manya-manya, hasken allo ba ya raguwa, ko alamar Wi-Fi ta ɓace gaba ɗaya, duk alamu ne na abu guda. A mayar da waɗanda aka kwashe:

```
pnputil /add-driver E:\direbobi\*.inf /subdirs /install
```

Nan ne iyakar abin da rashin intanet zai iya. Windows ɗin da ke kan filashi ta tsaya a ranar da aka haɗa ISO ɗin, haka ma bayanan Defender na gano ƙwayoyin cuta. Kwamfutar da ba ta taɓa sabuntawa ba amma kullum ana cusa mata filashin mutane ta fi kowace shiga haɗari, kuma abin da ke faruwa ke nan a shagunan buga takardu da yawa. Tabbatar da lasisi shi ma yana son a taɓa intanet ko sau ɗaya. Ribar ɗorawa babu intanet ita ce kai ke zaɓar lokacin da za a sha datar. Idan da hosfot za a haɗa, a shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a kunna "Metered connection" don rage abin da take saukewa a ɓoye, a bar babbar sabuntawa sai an samu intanet mai yalwa.

Wani abu game da tokumbo da ya kamata mai saye ya sani: wasu tsofaffin kwamfutocin kamfanoni har yanzu suna cikin rajistar Windows Autopilot ta tsohon mai su. Idan aka haɗa intanet a allon farko, sai sunan wani kamfani na ƙasar waje ya fito yana neman imel ɗin ma'aikacinsa. Ɗorawa babu intanet tana iya wuce wannan allon, amma ba ta goge rajistar, kamfanin ne kaɗai ke iya cirewa. Saboda haka a wajen saye, akasin duk abin da aka faɗa a sama ya fi: a bar kwamfutar ta ga intanet a allon farko tun kana gaban mai sayarwa.

Wa ya dace da wanne

Duk wanda ke ɗora wa wani, asusun gida zai buɗe, ba na ganin wata hujja ta yin akasin haka. Malamar nan idan ta karɓi kayanta tana so, sai ta shiga Settings, Accounts, "Your info", ta danna "Sign in with a Microsoft account instead" da imel ɗinta da lambarta, makullin ceto ya tafi inda take iya kaiwa. Haka kwamfutar shago ko ɗakin karatu da hannu da yawa ke taɓawa: asusun gida ɗaya mai ikon shugaba a hannun mai wurin, wani kuma "Standard user" ga sauran, don kada kowa ya riƙa ɗora abin da ya ga dama.

Mai laftof ɗinsa shi kaɗai, wanda imel ɗinsa ke raye, layinsa ke hannunsa, kuma yana biyan Microsoft 365 ko yana son fayilolinsa su bi shi daga na'ura zuwa na'ura, asusun Microsoft ya fi masa amfani, musamman a Home. Ko shi ɗin ma zan ce ya fara da na gida ya sauya daga baya, saboda wani ɗan dalili: idan aka fara da asusun Microsoft, Windows tana yanko haruffa biyar na farkon imel ta sa wa foldarka a `C:\Users`, kuma sauya wannan sunan daga baya aiki ne mai ɓata manhajoji. Wanda ya fara da asusun gida yana riƙe sunan da ya zaɓa.

Akwai kuma tsaka-tsaki da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Kana kan asusun gida, kana iya shiga Microsoft Store ko Word ko OneDrive da asusun Microsoft ba tare da ka mayar da kwamfutar duka kansa ba. Lokacin shiga, wani allo kan fito yana tayin amfani da asusun a ko'ina a na'urar. Babban maballi shi ne "Next", kuma shi ne ke sauya yadda kake shiga Windows. Zaɓin da kake nema ƙaramin rubutu ne a kusa da shi, "Microsoft apps only". Idan hannu ya riga ya danna "Next", ana komawa ta "Your info" a zaɓi "Sign in with a local account instead", amma kafin nan a sake duba `manage-bde -status`, domin mai yiwuwa kullewar ta riga ta kammala, kuma komawa asusun gida ba ya buɗe diskin. Idan ya nuna "Protection On", a kwafo lambobin nan 48 daga asusun a rubuta su a takarda kafin a fita.